Ciki da falo a Darmanawa

Hoto na 1
Alhamdulillah, makulli ya zo hannu. Ciki da falo ne da banɗaki a unguwar Darmanawa a Kano. Masu cewa "Allah Ya sa rai aka yi wa" na gode, amma ku saurara, haya ce, ban yi gini ba tukuna. Sai dai sunana ne a jikin takardar, kuma da kuɗin gyaran waya na biya. Duk wanda ya taɓa kwanan shago da samari, inda in ka dawo dare sai ka tsallake ƙafafun mutane kafin ka kai ga katifarka, ya san abin da nake ji yau.

Hoto na 2
Ƙofar ke nan. Kwaɗon sabo ne. Oga ya ce ko limamin unguwa ne ya tashi daga ɗaki, in ka shiga ka sake kwaɗo.

Hoto na 3
Falon kafin a sa komai. Ga masu tambayata ta waya, haya N280,000 ce a shekara, dillali ya karɓi la'adarsa kashi 10, aka rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Kwasar adashinmu na kasuwar waya ta Fam Santa ce ta ɗauki fiye da rabi, sauran kuma na ɗan asusun da nake jefa wa abin da ya samu in an yi ciniki. Na ga wanda ya fi wannan sauƙi can bayan gari, ɗaki mai faɗi har da tayil, amma da na lissafa kuɗin a daidaita sahu zuwa kasuwa safe da yamma, sai na ga arahar ta ƙare a titi. Daga nan kuwa ranar da aljihu ya yi sanyi da ƙafa ma zan isa wurin aiki.

Hoto na 4
An shimfiɗa leda, an rataya labule. Yadin daga Kantin Kwari na yanko shi, Yaya ce ta ɗinka da kekenta, ta kuma ƙi karɓar ko sisi. Launin ma ita ta zaɓa. Ni da baƙi na so, ta ce wane irin baƙi kamar ɗakin wankin hoto.

Hoto na 5
Wannan hoton ya fi duk sauran a wajena. Hajiya ce zaune a kan darduma. Ta ce ba za a shigar da ko tsinke ba sai ta zo, ta zo kuwa da turaren wuta a kasko da ƙullin gishiri da buta sabuwa. Ta zaga ciki ta zaga falo tana addu'a, ta leƙa banɗaki, ta murɗa famfo ta ga ba ruwa, ta ce "to, sai ka yi sabo da 'yan garuwa." Sannan ta sa na shiga na gaida Baba mai gida da iyalinsa, da maƙwabta na dama da na hagu. Ta ce da ni, "Kai baƙo ne a layin nan. Ka riƙe sallar jam'i, ka rage ƙarar kiɗa, kuma kada na ji an ce ɗakinka ya zama majalisa." Abokai, kun ji da kunnenku, ba ni na faɗa ba.

Hoto na 6
Mita ta kati, tawa ni kaɗai. Rigimar karo-karon kuɗin wuta ta ƙare. Sauran a kawo wutar.

Hoto na 7
Kicin, in dai za a kira lungun nan kicin. Ƙaramar tukunyar gas, tukwane biyu, faranti uku da jarkar ruwa. Girkin farko taliya da manja da yaji, kuma ba wanda ya sa min hannu a kwano. Mai shayin bakin kasuwa ya yi asarar kwastoma, a gaya masa ya yi haƙuri.

Hoto na 8
Ciki. Katifa a ƙasa, fanka ta tsaye, kaya cikin jaka har a samu na kabad. Gado sai bayan Sallah in Allah Ya kai mu. Masu tambayar "saura me?" na gane inda kuka dosa, Inna ma ta riga ku tun da asuba. A bar ni na gama biyan bashin fanka.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi 'yar addu'a a ɗakin, akwai kunun aya da cincin. Kujera babu, mai zuwa ya taho da tabarmarsa.