Roƙon ƙarin lokaci kan aikin bincike na fataucin goro

Assalamu alaikum Malam,

Da fatan an wuni lafiya, ya aiki? Ni ce Hauwa'u, ɗalibarka ta aji uku a Sashen Tarihi.

Malam, alfarma nake nema game da aikin binciken da za a miƙa ranar Alhamis. Tun Asabar aka kwantar da mahaifiyata a asibiti, hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki na hagu. Ni ce babbar 'yarta, ni nake kwana wurinta, don ko cokali ba ta iya riƙewa sai an ba ta a baki.

Na gama rubuta sashen da ya shafi hanyar fatake daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Abin da ya rage shi ne hira da dattawan 'yan goro a kasuwar Mariri, kuma aikin ba zai yi armashi ba in babu muryarsu.

Don Allah a ƙara mini mako ɗaya, zuwa Alhamis ta sama. Ƙanwar mahaifiyata za ta karɓe ni jinya ranar Lahadi. Na haɗo takardar likita da abin da na rubuta.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarka,
Hauwa'u