Misalin Lissafi: Matsin CO₂ a Cikin Tukunya, da Dokar van der Waals da Dokar Gas na Zato

Tukunyar ƙarfe mai cin lita 10.0 tana ɗauke da mol 20.0 na CO₂, wato gram 880, a zafin 320 K. Ana so a ƙiyasta matsin da ke cikinta ta hanyoyi biyu, a kuma gwada sakamakon.

Kowane mol ya samu wurin da ya kai V = 10.0/20.0 = 0.500 L/mol. Za a yi aiki da R = 0.08314 L·bar/(mol·K), saboda haka RT = 26.605 L·bar/mol.

Dokar gas na zato tana ɗauka cewa ƙwayoyin gas ba su cin wuri kuma ba su janyo juna:

P = RT/V = 26.605/0.500 = 53.2 bar

Dokar da van der Waals ya gabatar a 1873 ta gyara waɗannan zato biyu, inda b yake wakiltar wurin da ƙwayoyin suka mamaye, a kuma yake wakiltar ƙarfin da suke janyo juna da shi:

P = RT/(V − b) − a/V²

Idan aka warware ta, V yana fitowa da ƙarfi na uku, PV³ − (Pb + RT)V² + aV − ab = 0, amma tunda matsi ake nema kuma an san V, sai a zuba lambobi kai tsaye. Ga CO₂, a = 3.640 L²·bar/mol², b = 0.04267 L/mol.

P = 26.605/0.45733 − 3.640/0.250 = 58.17 − 14.56 = 43.6 bar

Ya kamata ɗalibi ya tsaya a kan sassan nan biyu, domin a nan ma'anar lissafin take. Girman ƙwayoyin ya ɗaga matsin da kusan bar 5, daga 53.2 zuwa 58.2, yayin da janyo juna ya sauke shi da bar 14.6, wato janyowar ce ta rinjaya. Wannan ba abin mamaki ba ne, ganin cewa 320 K bai yi nisa da 304 K ba, zafin da a ƙasa da shi matsi yake iya mayar da CO₂ ruwa. Dokar gas na zato ta haura da bar 9.6, kusan kashi 22 cikin ɗari, kuma Z = PV/RT ya zama 0.82 maimakon 1 da dokar gas na zato take bayarwa.

Da wurin kowane mol lita 25 ne, da an samu bar 1.064 ta dokar gas na zato da bar 1.060 ta dokar van der Waals, bambancin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Shi ma 43.6 ɗin ƙiyasi ne. A mahaɗar 304 K da bar 73.8, inda bambanci tsakanin ruwan CO₂ da gas ɗinsa yake ɓacewa, dokar van der Waals tana ba da Z = 0.375, alhali awo ya nuna kusan 0.27 ga CO₂, don haka injiniyan da zai tsara tukunyar da za ta yi aiki kusa da wannan yanayi ya fi dacewa ya maimaita lissafin da dokar Peng–Robinson ta 1976.