Roƙon alfarma ga baƙinmu: waya a jaka, ido a kan amarya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, gwaggwanni da kawunnai, 'yan'uwa, surukai da abokan arziki, katin gayyata ya riga ya iso gare ku. Wannan 'yar takarda rakiya ce ta yi masa, ɗauke da roƙo guda daga amarya da ango, da yardar iyayen kowane ɓangare. Ni yayar amarya aka ɗora wa faɗa, saboda an ce bakina ya fi na kowa kauri a gidan. A yi mini afuwa idan na yi tsawo.

Alfarmar da muke nema ita ce, a wasu lokuta uku na bikin nan kowa ya kashe ƙarar wayarsa ya sa ta a jaka ko aljihu, ya bar ɗaukar hoto da bidiyo ga waɗanda muka ɗauko domin aikin. Ba wanda zai karɓi wayar kowa a bakin ƙofa, ba kuma wanda za a bincika wa jaka. Baƙonka annabinka. Mun dogara ne da girmanku kawai.

Bari in faɗi dalili, don kada a ce sabon salo muka ɗauko. Shekara shida ke nan da nawa bikin. Daren da za a kai ni, Baba ya zaunar da ni a tabarmarsa, ya riƙe hannuna yana yi mini nasiha, muryarsa na rawa. Mai hoto yana tsaye a bakin ƙofa. Da hotunan suka fito, ba a ganin fuskar Baba ko a ɗaya: hannuwa ne a sama, da bayan wayoyi, da gefen wani gyale ruwan goro. Baba ya rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙansa. Har yau idan na buɗe kundin hotunan, wayoyin mutane nake kallo a gurbin fuskarsa. Waɗanda suka ɗauka kuwa, da na bi su ina tambaya, wannan ta canza waya, waccan ta goge don wuri ya cika. Ƙanwata tana wurin ranar, kuma tun sa rana ta ce mini, "Yaya, don Allah kada nawa ya zama haka."

Lokaci na farko shi ne kamu, ranar Alhamis bayan la'asar, a gida. Taron mata ne zalla, kuma mun san yadda yake: a ajiye mayafi, a gyara ɗauri, tsofaffi su taka rawar da ba sa yi a gaban kowa, dangin ango su zo da turare suna cinikin fuskar amarya da ƙawayenta ana ta barkwanci. Wadda ta saki jiki a irin wannan wuri ta yi ne don ta san tana cikin 'yan'uwa. Ba ta yarda gobe mijinta ya ga rawarta a sitatus ɗin wata ba, balle ta tsinci kanta a TikTok da waƙa a ƙarƙashi, baƙin ido suna tofa albarkacin bakinsu. An ce magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta wuyar mayarwa. Shi ya sa mace muka ɗauko ta yi hoton kamu, ita kaɗai, kuma duk abin da ta ɗauka sai ya bi ta hannun amarya da Umma kafin wani ya gani. Ƙawayen amarya, ku na fi roƙo, don na san hannunku yana ƙaiƙayi.

Na biyu ɗaurin aure, ranar Asabar ƙarfe 11 na safe, a masallacin unguwarmu da ke Gwale, Kano. Daga lokacin da wakilin ango ya buɗe baki neman aure har waliyyi ya bayar, aka ambaci sadaki, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha, duka bai fi minti goma ba. Minti goman nan kuwa shi ne auren, sauran duk biki ne. Shaida sai da ji, kuma siga ba ta jiyuwa idan waya tana kuka a sahu na uku. Muna roƙon matasa kada a miƙe a tsallake wuyan dattawa don neman kusurwa mai kyau, kada a haska fitilar waya a fuskar liman. Da an ji sanarwar an ɗaura, aka fara rabon goro da dabino, a fito waje a yi ta hoto da ango har babbar rigarsa ta gaji.

Na uku daren kai amarya, daga nasihar iyaye har shigarta ɗakinta. Kukan amarya ba na nunawa duniya ba ne. Haka ɗakinta: gado, jere, kayan kicin, akwatunan lefe, don Allah kada a zagaya da waya ana ɗauka. Abin da iyaye suka yi wa 'yarsu gwargwadon ƙarfinsu ne, ba mu so ya zama abin auna wa wasu, ko ya jawo ido. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Suturar nan muke nema a wurinku.

A wajen walima, ranar Asabar da yamma, waya halal ce. Mun tanadi gefe guda da ado da haske mai kyau, amarya za ta zauna a wurin minti 40 bayan an ci abinci, dangi su zo rukuni-rukuni, kowa ya samu nasa. Abu biyu kawai: kada a watsa taron kai tsaye a kowane dandali, kuma kada a saka hoton amarya a ko'ina sai ita ta fara sakawa. Idan hotonki ya haɗo da wata a bayanki, ki tambaye ta kafin ki tura. Yaran mutane ma haka, a nemi izinin iyayensu.

Masu hotonmu uku ne, mace ɗaya da maza biyu, kowanne da katin shaida rataye a wuya. Idan suka ce a ɗan gusa, a yi musu haƙuri, mu muka sa su. Wanda ba ya son a ɗauke shi ko kaɗan ya faɗa wa masu tarba a ƙofa, za a ɗaura masa koren zare a hannu, masu hoto sun san ma'anarsa, kuma ba mai tambayar dalili.

Mun san akwai masu uzuri: likita ko nas da ke jiran kira, uwa da ta baro jariri a gida, wanda ke da majinyaci. A bar wayar tana girgiza, idan kira ya shigo a fita waje a amsa, ba laifi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Jidda da ba su samu zuwa ba, ba a manta da ku ba: ƙanin ango zai kira ku ta bidiyo da waya guda lokacin ɗaurin aure, daga gefe. Sauran hotuna kuma, in sha Allah cikin mako biyu za mu tura wa kowane gida nasa ta WhatsApp, tsofaffin da suka fi son na riƙewa a hannu a wanke musu.

Idan kika ga ta kusa da ke ta manta ta ɗaga waya, ki taɓa ta a hankali, ba sai an yi hayaniya ba. Wataƙila ma ni ce.

Allah ya kawo ku lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya ba da ladan zumunci. Ya sanya albarka a auren nan, ya kai mu na 'yan baya.

Yayar amarya,
a madadin iyalan amarya da na ango.