Saƙonni 5 na WhatsApp ga masu sha'awar sola ɗinmu

Saƙo na 1, Litinin
Salam, barkanku da warhaka. Ni ce wadda ta turo muku fayil ɗin tallan sola mai shafi 18 ɗin nan, na san da yawanku ko buɗe shi ba ku yi ba, kuma wallahi ban ga laifinku ba, wa ke da lokacin zama yana kallon jadawali a waya. To na gutsuttsura shi, zan riƙa turowa kaɗan-kaɗan. Wanda baya so ya rubuto "a daina", ba zan sake damunsa ba.

Saƙo na 2, Talata
Abinda ke cikin kwalin: farantin sola 1 mai wat 400, inbata mai wat 1000 wadda ke juya wutar batiri ta zama irin ta gida, sai batirin litiyam. Shikenan.

Saƙo na 3, Laraba
Tambayar da kowa ke min ita ce awa nawa zai kai? Mu yi lissafin tare. A jikin batirin an rubuta 12.8V 100Ah, in kun ninka su zai baku 1280, wato zai iya ba da wat 1280 na tsawon awa guda. Ku ɗauka kun kunna ƙwan fitila 5 masu wat 10, fanka mai wat 50 da talabijin mai wat 60, duka 160 kenan, a takarda awa 8 ne amma inbata ma tana cin nata rabon kuma ba a son a tatse batiri ƙarƙaf, dan haka ni awa 6 zuwa 7 nake faɗa wa mutane. Dutsen guga da hita kuwa dan Allah kar ma a fara, guga ɗaya kan ja wat 1000 ko fiye.

Saƙo na 4, Alhamis
Jiya wani bawan Allah yace min ai ya taɓa sayen sola batirin ya mutu tun ba a je ko'ina ba. Da na tambaya ashe irin mai ruwan asid ne, shi kuma in ana yawan shanye fiye da rabinsa da wuri yake lalacewa. Namu nau'in litiyam ne da ake kira LiFePO4, yana jure a sha kashi 80 cikin 100 kullum, kuma akwai na'ura a cikinsa da ke yanke wuta in caji ya cika ko yayi ƙasa sosai. Ranar hadari fa cajin zai ragu, wannan babu solar da ta tsira.

Saƙo na 5, Asabar
Wannan ne na ƙarshe. Ku ɗauko min hoton takardar da ke manne a bayan kayan wutanku, inda aka rubuta W, in yi muku lissafi yau. In sola ɗin nan ya muku kaɗan zan faɗa muku tun kafin ku biya. Firji gare ku? Da hotonsa za ku fara.