Wasiƙa zuwa ga Sadiƙu, a kan teburin guga

Jekadafari, Gombe
Daren Talata

Ɗana Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Da asuba zan kama hanyar Kano sayo yadi a Kantin Kwari, sai Juma'a in Allah ya yarda. Akwai maganar da ban so in yi maka a gaban sauran yara ba, shi ya sa na bar maka ita a takarda.

Bayan kun tashi na ɗauki jamfar da ka haɗa yau na juya cikinta. Ɗinkinka ya miƙe, ma sha Allah, wata biyu kacal hannunka ya fara zama. Amma tun daga kafaɗa har ƙasa babu layin da ya ga dutsen guga kafin ka ɗora wani a kansa. Na san lissafinka: in an gama sai a goge gaba ɗaya. Ni ma haka na ɗauka a 1994, lokacin da aka kai ni koyo wajen maigidana kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi, Allah ya ji ƙansa. Wata 3 na yi ina hura gawayi ina danne ɗinkin manya kafin ya bar ni na taka keke. Sai daga baya na gane a teburin nan na koyi yadda riga ke zama a jiki.

Ga abin da ke faruwa. Idan keke ya bi ta kan yadi, zare a sama yake kwance, yadin kuma yakan ɗan tattare tsakanin ramukan allura. Zafi da nauyin dutse ne ke nutsar da zaren, su saki tattarar. To ka ɗinka kafaɗa ba ka danne ba, ka zo ka ɗora hannu, ka ga ka kulle wannan tattarar a ƙarƙashin sabon ɗinki, rarar yadin da ke ciki kuma ta naɗe ta zama ƙulli. Daga nan ko masu bugu ka kai wa ba za ta kwanta ba. Duba kafaɗar hagu ta jamfar, ka shafa da yatsa, za ka ji tudun. Mai rigar ba zai san sunan matsalar ba, cewa kawai zai yi ba ta zauna masa ba, Sallah mai zuwa kuma ya nufi wani shagon.

Har awo abin yana taɓawa. Layin da ba a buɗe an danne ba yana cin yadi kaɗan. Tara na gefe biyu da na hammata, sai ka ga tef ya ce daidai amma ƙirji ya matse, ko kwala ta ƙi haɗuwa da wuya.

Ka riƙe wannan tsarin. Da ka cire daga keke, fara danne layin a rufe yadda ya fito. Sannan ka buɗe rarar ta ciki, ko ka kwantar da ita gefe guda in ka yi wibin a haɗe, ka sake dannewa. Ɗorawa ake yi a ɗaga, a matsa gaba, a sake ɗorawa. Ba gugar wanki ba ce da za ka riƙa ja. Wuya da hammata a karkace aka yanke su, kana jan dutse za su miƙe su ƙara faɗi, kuma ba sa komawa. Wajen lanƙwasa ka yi amfani da ɗan matashin nan da na cika da ƙyallaye. Ka bar yadin ya huce kafin ka ɗaga shi, domin a hucewar ne yake riƙe kwanciyar.

Shadda kuwa, don Allah ka ji tsoronta. Ta ciki ake danne ta, in dole sai ta waje ka shimfiɗa farin ƙyallen auduga, kada kuma ka yayyafa mata ruwa kai tsaye, yana barin tabo a sheƙinta. Na taɓa ɓata ta wani ango saura kwana 2 ɗaurin aure, da kuɗina na biya, har yau in na tuna fuskar mahaifinsa raina yana ɓaci. Yadi mai roba yana narkewa ko ya yi ƙyalli, saboda haka kowane sabon yadi ka gwada zafin a ragowar yanka tukuna. Ka kakkaɓe alli, ka duba ko man keke ya ɗiga, zafi yana kama su.

In an ɗauke wuta kada ka ce ai babu dama. Dutsen gawayi yana ƙarƙashin teburin yanka. Bari gawayin ya ruru sosai, ka busa tokar a waje, ka goge gindinsa a tsumma.

Gobe ka warware hannayen jamfar nan da kwalarta, ka danne kafaɗu da gefe, ka mayar. Kada ka yi gaggawa, na gaya wa mai ita sai Asabar. Ka ajiye mini ita a juye, cikinta zan fara dubawa.

Ka gai da mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka albarka.

Kawunka,
Malam Buba Tela