Rakiyar Baba da Gwaggo Zuwa Makka

Da sunan Allah zan fara,
Mai bai wa bawa ya kuma ƙara,
Shi ya kira ku a wannan shekara,
Kuka amsa, yau za ku Makka.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Fiyayyen halitta da ke Madina,
Da alaye, sahabbai, masoyana,
Waɗanda sawunsu za ku taka.

Ga mu a filin jirgin Kano,
An zo da fura cike da kwano,
Yara har sun fara batun dabino,
Alhali ba a ko auna jaka.

Baba, ka daɗe kana tari,
Gyaɗa da bijimi sun zama guzuri,
Bara kujera ta kuɓuce, ka yi haƙuri,
Bana ga fasfo a hannunka.

Gwaggo, adashi ya yi rana,
Na ƙuli-ƙuli da na waina,
Masu cewa wasa ne, suna ina?
Ga girbin abin da kika shuka.

Kakanmu ya je ta da ƙafa,
Ta Barno da Sudan yana zufa,
Ya shekara a hanya kafin ya ga Arfa,
Ku kafin gobe jirgi ya sauka.

In kun isa birnin Ma'aiki,
Ku yi masa sallama cikin tsarki,
Ku je Ƙuba da Uhudu da ƙarfin jiki,
A Rauda ku roƙa mana albarka.

A Zul Hulaifa a ɗaura harami,
Ba hula, Baba, in ji malami,
Sarki da talaka da jarumi,
Baki ɗaya: Labbaika, Labbaika!

Bakwai ne Ka'aba kewayawa,
Bakwai tsakanin Safa da Marwa,
Gwaggo, a hankali saboda gwiwa,
Baba, riƙe ta, amanarka.

Takwas ga wata ku kwana a Mina,
Tara a Arfa, tsayuwar rana,
A can ku ambaci sunana,
Da na Inna da ta riga mu, in kun yi kuka.

Ku roƙa wa ƙasarmu zaman lafiya,
Manomi ya je gona ba fargaba a zuciya,
Mai neman haihuwa ta samu ta goya,
Na kwance ya miƙe ya taka.

A Muzdalifa ku tsinci tsakuwa,
Bakwai-bakwai ake jefawa,
Baba, ban da takalmi wurin wurgawa!
Sai aski bayan an yi yanka.

Gida kuwa kada ya dame ku,
Yaya na gona, muna kiwon awakinku,
Wanda ya saɓa muku na neman gafararku,
Mu ma mun yafe, ba shakka.

Ga sanarwa can, kowa ya ji,
Ku tashi, Hajiya da Alhaji,
Allah ya karɓi wannan Hajji,
Mu taru a nan mu yi muku barka.