Takardar Neman Ƙarin Lokacin Miƙa Kundin Digiri na Biyu

Unguwar Rogo,
Jos, Jihar Filato.
2 ga Yuni, 2025.

Shugaban Sashe,
Sashen Tarihi,
Jami'ar Jos.

Ta hannun malamin da ke duba aikina.

Ranka ya daɗe,

NEMAN ƘARIN WATA BIYU SABODA RASHIN LAFIYA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon sashe ya ɗaga mini ranar miƙa kundina daga 30 ga Yuni zuwa 29 ga Agusta, 2025. Ni ɗalibar digiri na biyu ce, kuma bincikena a kan aikin tilas ne da Turawan mulkin mallaka suka sa talakawan Arewa a filayen haƙar kuza na Filato daga 1942 zuwa 1944.

Kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah zazzaɓi ya kama ni. Na ɗauka na cizon sauro ne, na yi ta shan magani a gida, ashe taifot ne. Kafin a gano, har ya huda mini hanji. Ranar 9 ga Afrilu aka yi mini tiyata cikin gaggawa, ban bar asibiti ba sai 28 ga watan. Da za a sallame ni, likita ya ce in yi mako shida ina hutawa, ban da doguwar tafiya a mota. Takardarsa da ta sallama suna haɗe da wannan wasiƙa.

Babi na ɗaya zuwa na uku sun kammala, malamina ya duba su tun watan Maris, na kuma yi gyaran da ya nuna. Babi na huɗu ne ya tsaya, shi ne kuwa zuciyar aikin. Akwai fayilolin lardi da ban gama karantawa ba a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Sannan saura hira da dattawa biyar a Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda iyayensu suka yi wannan aikin. Da abin da ke hannuna zan iya harhaɗa babin in miƙa a kan lokaci, amma zai zama muryar Turawa kaɗai aka ji, alhali don muryar leburori na ɗauki wannan batu. Ƙaramin cikin dattawan ya haura shekara saba'in, ga shi damina ta kama, sai na bi lokacin da suka ba ni.

Tsarina shi ne in je Kaduna a tsakiyar Yuni, in gama hirarrakin a Yuli, in kai wa malamina babi na huɗu da na biyar a makon farko na Agusta. Ya ga wannan tsari, ya amince da shi. Idan akwai fom da zan cike ko kuɗin da zan biya a makarantar karatun gaba da digiri na farko, a sanar da ni, zan yi ba tare da ɓata lokaci ba.

Ina fata za a dubi uzurina. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarku mai biyayya,
Hauwa'u Sani